Sanarwa Uku Kafin a Faɗi Kuskuren: Kwana 137 na Wata Mujalla

Wannan nazari ne a kan wata mujallar waƙe-waƙe da siyasa da ke birnin New York a Amurka, wadda ta buga wani labari a 2014, labarin ya rushe, ta kuma rubuta sanarwa har uku kafin ta faɗa wa masu karatu ainihin abin da ta yi ba daidai ba. An sakaya sunan mujallar, da na marubuciyar, da na ɗalibar da labarin ya ginu a kanta, domin abin da ake bi a nan shi ne kalmomin sanarwar: me aka rubuta, me aka tsallake, a ina aka ajiye ta, kuma me ya biyo baya.

## Yuli zuwa 19 ga Nuwamba, 2014: yadda aka haɗa labarin

Marubuciyar ta fara magana da ɗalibar a watan Yuli na 2014. Ɗalibar tana karatu a wata babbar jami'a a jihar Virginia. Ta ce a daren 28 ga Satumba, 2012, wani saurayi da suke aiki tare a wurin ninkaya na jami'ar, inda yake aikin ceton masu iyo, ya gayyace ta liyafa a gidan wata ƙungiyar ɗalibai maza, kuma a can ne mutum bakwai suka yi mata fyaɗe. Ta ce bayan ta fito ta kira abokanta uku, su kuma suka fi damuwa da mutuncinsu a makaranta fiye da kai ta asibiti.

Ranar Laraba, 19 ga Nuwamba, labarin ya fito a shafin mujallar, mai tsawon kalmomi kusan 9,000. An buɗe shi fiye da sau miliyan 2.7. Cikin kwanaki kaɗan aka farfasa tagogin gidan ƙungiyar, kuma a ranar 22 ga Nuwamba shugabar jami'ar ta dakatar da harkokin irin waɗannan ƙungiyoyi har zuwa 9 ga Janairu.

Akwai ramuka uku a cikin aikin waɗanda mai karatu ba zai iya gani ba. Ba a tuntuɓi abokan nan uku ba, sunayen ƙarya aka ba su a rubutun. Ba a san cikakken sunan saurayin ba, shi ma sunan ƙarya aka laƙaba masa. Ita kuwa ƙungiyar, an nemi jin ta bakinta, amma ba a gaya mata ranar da ake zargin abin ya faru ba, ba a kuma ba ta sauran bayanan da za ta iya dubawa a takardunta ba.

Jimla ɗaya ta isa ta nuna girman ramin. Labarin ya ce ɗaya daga cikin abokan ya ƙi yarda a yi hira da shi saboda biyayya ga tasa ƙungiyar. Duk wanda ya karanta zai ɗauka marubuciyar ta neme shi ya ƙi. Alhali ba ta taɓa magana da shi ba. Ɗalibar ce ta ce ya faɗi haka, aka rubuta kamar daga bakinsa aka ji.

Akwai kuma wata mace da labarin ya taɓa: wata jami'a mai kula da harkokin ɗalibai, wadda ke karɓar koke-koken cin zarafi. An ambaci sunanta na gaskiya, an sa hotonta da aka sarrafa, an nuna ta a matsayin wadda ta karya wa ɗalibar gwiwa a kan fitar da maganar. An kuma jingina mata wata magana mai nauyi game da dalilin da ya sa jami'a ba ta son a san alƙaluman fyaɗe. Wannan maganar ma ta bakin ɗalibar ta zo.

## 24 ga Nuwamba zuwa 4 ga Disamba: kare labari

Shakku ya fara fitowa fili a ranar 24 ga Nuwamba, lokacin da wani tsohon editan mujalla ya rubuta cewa labarin bai kwanta masa ba. Wasu jaridu suka shiga tambaya: an yi magana da waɗanda ake zargi?

A cikin gida kuwa, ranar 26 ga Nuwamba, mako guda bayan bugawa, ɗalibar ta yarda ta faɗa wa marubuciyar sunan saurayin, sai dai ba ta da tabbacin yadda ake rubuta sunan mahaifinsa. Marubuciyar ta bincika sunan, ba ta iya tabbatar da cewa mai shi yana cikin ƙungiyar ba.

A waje, mujallar ta ci gaba da tsayawa a kan bakanta. Editan da ya gyara labarin ya shaida wa jaridar Washington Post cewa ba su samu magana da waɗanda ake zargi ba, amma sun tabbatar akwai su, sun san ko su wane ne. Daga baya ya ce suɓutar baki ce. Mujallar kuma ta fitar da bayani tana cewa ta sami ɗalibar abin gaskatawa. Babu wata sanarwar gyara da ta fito a waɗannan kwanaki.

A daren 4 ga Disamba marubuciyar ta sake doguwar magana da ɗalibar ta waya. Kafin gari ya waye ta aika wa editocinta saƙo cewa ta daina amincewa da sahihancin abin da ta rubuta game da harin.

## Juma'a, 5 ga Disamba: sanarwa ta farko

A ranar ne ƙungiyar ɗaliban ta fitar da nata bayani mai ɗauke da abubuwan da za a iya dubawa: ba ta yi wata liyafa a ƙarshen makon 28 ga Satumba, 2012 ba, babu ɗanta da ya yi aikin ceton masu iyo a wurin ninkayan a lokacin, kuma ba a wannan zangon karatu take ɗaukar sababbin 'ya'ya ba, saɓanin abin da labarin ya nuna. A ranar kuma Washington Post ta fito da nata binciken.

Editan gudanarwa na mujallar ya rubuta sanarwa ga masu karatu. Daga baya ya ce cikin gaggawa da matsin lamba ya rubuta ta. Ga tsarinta bi da bi.

Ta buɗe da tunatarwa a kan labarin da tasirin da ya yi. Sai ta ce saboda nauyin lamarin, mujallar ta mutunta roƙon ɗalibar na kada a tuntuɓi mutumin da ta ce ya kitsa harin ko sauran mutanen. Ta ce a duk watannin da aka yi ana aikin, ɗalibar ba ta faɗi ko aikata wani abu da zai sa a yi shakkarta ba. Ta ce an tuntuɓi ƙungiyar. Sai can wajen ƙarshe aka zo kan batun: bisa sababbin bayanai, da alama akwai saɓani a labarin ɗalibar, kuma mujallar ta kai ga fahimtar cewa amanar da ta ba ta ba ta faɗa inda ya dace ba. Ta ce tana nadamar rashin tuntuɓar waɗanda ake zargi, tana kuma neman afuwar duk wanda labarin ya shafa.

Sanarwar ba ta faɗi ko ɗaya daga cikin saɓanin ba. Ba ta ce ba a yi liyafa ba, ba ta ce ba a gano saurayin ba, ba ta ambaci cewa ba a taɓa magana da abokan uku ba. Ba ta ambaci jami'ar da aka sa sunanta da hotonta ba. Ba ta ce an janye labarin ba, ba ta kuma nuna waɗanne sassansa ne mujallar ke tsaye a kai ba. An ɗora ta a saman labarin a shafin intanet, kalmomin nan 9,000 kuma suna nan a ƙarƙashinta yadda suke.

Martani ya zo nan take, kuma jimlar amana ce ta fi jawo shi. Masu fafutukar kare waɗanda aka ci zarafinsu da 'yan jarida da yawa suka ce mujallar ta ɗora wa ɗaliba laifin aikin da editoci ne ya kamata su yi. Kafin ranar ta ƙare, editan ya rubuta a shafinsa na Tuwita cewa gazawar tasu ce, ba tata ba.

## 6 zuwa 7 ga Disamba: sanarwa ta biyu

A ƙarshen makon aka sauya sanarwar. An cire jimlar amana. An ƙara bayanai: cewa ƙungiyar ta musanta zargin ta ce ba ta yi liyafa a daren ba, cewa ta ce babu ɗanta da ke aiki a wurin ninkayan, cewa ɗalibar da kanta yanzu ba ta da tabbacin ko saurayin ɗan ƙungiyar ne, da kuma abin da wani abokinta ya shaida wa Washington Post, cewa ya same ta a daren da nisa daga gidan, tana cikin firgici amma bai ga rauni a jikinta ba. Aka rufe da cewa kurakuran na mujallar ne, ba na ɗalibar ba, kuma za a ci gaba da bincike.

An yi wannan sauyin ba tare da an rubuta wa masu karatu cewa an sauya sanarwar ba. Jaridun da suka adana ta farko su ne suka jera biyun suka nuna bambancin, sauyin da kansa ya koma labari.

Abubuwa uku ba su motsa ba. Maganar cewa ɗalibar ta roƙi kada a tuntuɓi mutanen tana nan, an dai ƙara da cewa kuskure ne da aka amsa roƙon. Jami'ar harkokin ɗalibai har yanzu ba a ambace ta ba. Labarin kuma yana nan a ƙasa.

## Disamba 2014 zuwa Maris 2015: labarin yana shafi

Ranar 22 ga Disamba mujallar ta sanar cewa ta roƙi makarantar koyon aikin jarida ta Jami'ar Columbia ta binciki yadda aka yi aikin, ta kuma yi alƙawarin buga sakamakon. Shugaban makarantar na lokacin, Steve Coll, ya jagoranci binciken tare da Sheila Coronel da Derek Kravitz. Marubuciyar ta miƙa musu bayanan aikinta, shafi 405.

A ranar 12 ga Janairu, 2015, jami'ar ta mayar wa ƙungiyar da izininta bayan 'yan sanda sun ce ba su ga wata hujja da ke nuna abin ya faru a gidanta ba. Ranar 23 ga Maris, shugaban 'yan sandan garin ya ce ba su sami shaidar da ke tabbatar da labarin kamar yadda aka buga shi ba. Ya ce an jingine binciken, ba a rufe shi ba, domin rashin shaida ba ya nufin babu wani mummunan abu da ya sami ɗalibar. 'Yan sanda sun kuma bayyana cewa jami'ar harkokin ɗaliban ta haɗa ɗalibar da masu bincike tun a 2014, kafin a buga labarin, ɗalibar ce ba ta so a ci gaba ba.

Duk wannan lokaci, daga 5 ga Disamba zuwa 5 ga Afrilu, kwana 121, duk wanda ya nemi sunan jami'ar harkokin ɗaliban a intanet zai iya faɗawa kan labarin, ya karanta sakin layin da ke cewa ta karya wa ɗaliba gwiwa, babu wata alama a gefensa.

## Lahadi, 5 ga Afrilu, 2015: sanarwa ta uku

Rahoton Columbia ya fito mai kalmomi sama da 12,000, wato ya fi labarin tsawo. Mujallar ta cire labarin daga shafinta, ta sa rahoton a gurbinsa, da gajeriyar sanarwa daga editan gudanarwa a sama. A wannan karon sanarwar ta ce a fili an janye labarin a hukumance. Ta nemi afuwar masu karatu, ta kuma ambaci rukunin waɗanda aka cutar: 'ya'yan ƙungiyar, ma'aikatan jami'ar, da ɗalibanta.

Rahoton ya ce gazawa ce ta aikin jarida wadda za a iya kauce mata, kuma ta shafi neman labarin, gyara shi, sa ido na manyan editoci, da tantance bayanai. Ya bi ramukan uku ɗaya bayan ɗaya, yana faɗin wanda ya yanke shawarar da lokacin da ya yanke ta. Game da abokin da aka ce ya ƙi yin hira, rahoton ya same shi, ya ce bai taɓa faɗin haka ba, kuma da an neme shi da ya yi magana.

Rahoton ya kuma gano kuskure a cikin sanarwar gyaran kanta. Sanarwa ta farko da ta biyu duk sun ce ɗalibar ta roƙi kada a tuntuɓi mutumin. Abin da bayanan aikin suka nuna shi ne ta ƙi faɗin sunansa, tana cewa tana tsoronsa, amma ba ta gindaya sharaɗin kada mujallar ta neme shi da kanta ba. Har ma ta nuna hanya: a duba jerin sunayen 'ya'yan ƙungiyar. Haka nan ba ta hana a nemi abokan uku ba. Editocin ne suka yanke shawarar dakatar da neman saurayin bayan ɗalibar ta yi kusan mako biyu ba ta amsa saƙon marubuciyar, don gudun kada ta janye haɗin kanta.

A ranar kuma, mawallafin mujallar ya bayyana ɗalibar ga jaridar New York Times a matsayin gwanar ƙaga labari, ya ce babu wanda za a kora. Marubuciyar ta fitar da nata neman afuwar, ba ta ambaci ƙungiyar ba. Editan gudanarwar ya bar mujallar a watan Agusta.

## Mayu 2015 zuwa Yuni 2017: kotu

A watan Mayu na 2015 jami'ar harkokin ɗaliban ta shigar da ƙarar ɓata suna. A dokar Amurka, tun hukuncin Kotun Ƙoli na 1964, jami'in gwamnati da ke ƙarar jarida sai ya nuna cewa an buga maganar alhali an san ƙarya ce, ko an yi ko-oho da yiwuwar ƙarya ce. Daga baya aka faɗaɗa ƙa'idar zuwa sanannun mutane, kuma alƙali ya ce ita za a yi wa mai ƙarar aiki da ita. Ƙa'ida ce mai wuyar tsallakewa, jaridu sukan tsira da ita.

A ranar 4 ga Nuwamba, 2016, masu taimaka wa alƙali yanke hukunci suka sami marubuciyar da laifi a kan wasu sassan labarin da maganganun da ta yi bayan fitarsa. Game da mujallar da kamfaninta kuwa, suka raba abin gida biyu. A bugun 19 ga Nuwamba ba su same su da sanin ƙarya ko yin ko-oho ba. A kan abin da aka yi ranar 5 ga Disamba kuwa, sun same su. Suka ɗauki ɗora sanarwa a kan labarin tare da barin sa yadda yake a matsayin sake bugawa, a ranar da mujallar ta riga ta san ba ta amince da majiyarta ba, kuma maganganun da suka shafi mai ƙarar daga wannan majiyar suka fito.

Kwana uku bayan haka aka yanke diyyar dala miliyan 3: miliyan 2 a kan marubuciyar, miliyan 1 a kan mujallar da kamfaninta. A Afrilun 2017 ɓangarorin suka sasanta a kan sharuɗɗan da ba a bayyana ba. Ƙungiyar ɗaliban, wadda ta nemi dala miliyan 25, ta sasanta a kan miliyan 1.65 a watan Yunin 2017.

## Hukunci: me ya gaza, me ya yi aiki

Sanarwa ta farko ta gaza tun daga jerin sakin layinta. Ta ɓata mafi yawan tsawonta wajen bayyana kyakkyawar niyyar mujallar, kuskuren ya zo a ƙarshe, a dunƙule cikin kalma ɗaya, saɓani. Mai karatun da ya gama ta bai san abin da zai goge daga ƙwaƙwalwarsa ba. Gwajin sanarwar gyara mai sauƙi ne: a ba wanda bai karanta komai ba sai ita, a tambaye shi me aka buga, me ya zama ba daidai ba, mene ne daidai. Ta farko ba za ta amsa tambaya ta biyu da ta uku ba.

Jimlar amana kuwa, aibinta yana cikin wanda aka sa ya zama mai aikata aikin. Kalmomin da ke bayyana gazawar mujallar su ne: ba mu kira ba, ba mu tambaya ba, ba mu duba ba. Dukansu mujallar ta san su tabbas a safiyar 5 ga Disamba, ba ta bukatar wani bincike kafin ta faɗe su. Abin da ba ta sani ba a lokacin shi ne abin da ya sami ɗalibar. Sai ta bar abin da ta sani ta yi magana a kan abin da ba ta sani ba.

Sanarwa ta biyu ta gyara wannan, ta kuma kawo bayanai, kuma wannan ci gaba ne na gaske. Amma sauya ta a ɓoye ya cinye ribar. Sanarwar gyara ita ma rubutu ce da aka buga. In an taɓa ta, a rubuta a ƙasa cewa an sauya ta a rana kaza, an cire jimla kaza, saboda kaza. Layi biyu ke nan. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, kuma masu karatu sun fi saurin yafe gyaran da aka nuna musu fiye da wanda suka gano da kansu.

Abin da ya fi tayar da hankali shi ne maganar roƙon da ɗalibar ba ta yi ba. An rubuta sanarwar daga abin da editoci ke tunawa, ba daga bayanan aikin ba, sai ta zo da sabon kuskure wanda ya rage wa mujallar nauyi, ya zauna wata huɗu. Kowace jimla ta sanarwar gyara tana bukatar tantancewar da labarin bai samu ba, musamman jimlar da ke bayyana dalili, domin a nan ne mai rubutu yake da muradin kansa. Bai kamata wanda ya yi kuskuren ya zama shi kaɗai ya rubuta kuma ya amince da sanarwar ba.

Sai jami'ar harkokin ɗaliban da aka manta. Idan majiya ta rushe, aikin farko shi ne a ɗauki labarin da biro, a ja layi a ƙarƙashin duk jimlar da ba ta da madogara sai wannan majiyar, sannan a rubuta sunan kowane mutum da jimlolin suka taɓa. Da an yi haka da sunanta ya fito a jerin, da na abokan uku. Neman afuwar duk wanda abin ya shafa bai wanke kowa ba, tunda bai ce an yi wa wane ƙarya kaza ba. Hukuncin kotun na dokar Amurka ne, kuma dokokin ɓata suna sun bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. Amma dalilin da ke ƙarƙashinsa ba ya bukatar lauya: wanda ya ce bai yarda da mai ba shi labari ba, ya kuma bar labarin a kafe, ya zaɓi a ci gaba da karanta shi.

Ta uku ta yi aiki saboda abubuwa huɗu da suka haɗu: ta faɗi matsayin labarin da kalmar janyewa, ta sauke shi ta sa bayanin a adireshin da yake, don duk mai bin tsohuwar hanya ya faɗa kan gyaran, mutanen waje ne suka duba takardun, kuma an faɗi wanda ya yanke kowace shawara. Iyakarta ita ce ta zo a kwana na 137, kuma maganar mawallafin a ranar ta sake mayar da yatsa kan ɗalibar. Abin da shugabannin gidan jarida ke faɗa a ranar gyara, masu karatu suna haɗa shi da sanarwar su karanta tare.

Ba sai an jira rahoto mai kalmomi 12,000 ba. Ga abin da za a iya rubutawa a ranar 5 ga Disamba, da abin da mujallar ta sani a ranar kaɗai. Wannan misali ne na mai nazari, mujallar ba ta buga shi ba:

"Gyara, 5 ga Disamba, 2014. A ranar 19 ga Nuwamba mun buga cewa mutum bakwai sun yi wa wata ɗaliba fyaɗe a wata liyafa a gidan ƙungiya kaza, ranar 28 ga Satumba, 2012. Ba za mu iya tabbatar da wannan ba, kuma bai kamata mu buga shi ba. Ƙungiyar ta ce ba ta yi liyafa a ƙarshen makon ba, kuma ba mu da shaidar da ta saɓa wa haka. Kafin bugawa ba mu san cikakken sunan mutumin da aka ce ya kitsa harin ba, ba mu yi magana da shi ba. Ba mu tuntuɓi abokai uku da muka kawo maganganunsu ba. Duk abin da muka jingina musu daga bakin ɗalibar ne, har da cewa ɗayansu ya ƙi yin hira. Ba mu ba ƙungiyar ranar da sauran bayanan zargin ba lokacin da muka nemi jin ta bakinta. Maganganun da muka jingina wa jami'a wance, da cewa ta karya wa ɗalibar gwiwa, su ma ba daga bakinta muka ji ba, kuma mun janye su. Waɗannan shawarwari namu ne. Ba mu san abin da ya sami ɗalibar a daren ba. Mun sauke labarin daga yau, za mu buga sakamakon bincikenmu a wannan adireshi. Muna neman afuwar ƙungiyar, da jami'a wance, da abokan uku, da ɗalibar, da masu karatu."

Ba ta kai kalmomi 250 ba. Kuskuren yana jimla ta farko da ta biyu. Kalmar "da alama" ba ta ciki. Inda akwai abin da ba a sani ba, an faɗe shi a jimlarsa daban, ba a bar shi ya lulluɓe abin da aka sani ba. A bugun takarda, wanda ba a iya saukewa, wannan rubutun ne zai shiga fitowa ta gaba, a shafukan farko inda ido ke faɗawa, sannan a aika shi ta kowace hanya da aka bi aka tallata labarin a ranar 19 ga Nuwamba.